Buhu Nawa Ne 99? Lacca a Kan Takardun Rakiyar Bayanan Bincike



An nemi in yi magana a kan wasu takardu biyu da ya kamata su riƙa raka bayanan da muke tattarowa daga ƙauyuka da unguwanni. Ta farko ita ce wadda ake sa wa suna `README.txt`, ma'anar sunan kuwa a fara karanta ni. Da manyan baƙaƙe aka saba rubuta shi tun zamanin tsofaffin kwamfutoci, don ya hau saman jerin fayiloli, ido ya fara sauka a kansa. Ta biyu ita ce ƙamus ɗin bayanai, mai fassara kowane layin tsaye na teburin, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da abin da kowace lamba take wakilta. Na san wasunku sun so a ce lissafin ƙididdiga aka sa ni in yi bayani, don shi ne mai kwarjini a gaban kwamitin jarrabawa. Ku yi haƙuri da ni. Na taɓa buɗe wani fayil da ni kaina na tattara, shekara biyu kacal bayan aikin, na tarar da layin tsaye mai suna `q14b` cike da 1 da 2 da 3, na yi ta kallonsa kamar baƙon da ya sauka garin da ba ya jin harshensu. Takardar tambayoyin ta ɓata a wajen sauya ofis. Wannan layi har yau ban amfana da shi ba, alhali rana uku muka yi muna yawo cikin zafi kafin mu cika shi.

Don kada maganar ta tsaya a iska, na tsara wani ɗan misali na koyarwa. Mu ƙaddara wata ɗalibar digiri na biyu ta zaga ƙauyuka uku a ƙasar Katsina bayan kaka, ta tambayi gidaje 120 yawan geron da suka samu a daminar 2023. Ta kammala, ta kare kundinta, ta yi aure, ta koma wani gari. Sai malaminta ya miƙa wa wani sabon ɗalibi fayil ɗin ya ce ya ci gaba daga inda ta tsaya. Ga kaɗan daga abin da ya gani da ya buɗe:

```
id,q2,q7a,q7b,q8
001,1,8,1,2
002,1,12,1,3
004,2,99,,1.5
007,2,0,,2
011,3,12,3,1
```

Malam ya gaya masa da baki cewa `q7a` shi ne yawan gero. Iyakar abin da ya sani ke nan. Mu bi shi mu ga inda zai faɗa.

Ya ɗauki gidaje goma na farko don gwaji. Amsoshinsu su ne 8, 12, 5, 99, 10, 7, 0, 15, 99 da 6, kuma mu ɗauka duka da buhu aka faɗe su. Ya tara, ya sami 261, ya raba goma, sai matsakaici ya fito buhu 26.1 a kowane gida. Duk wanda ya tashi a gidan noma zai yi dariya, domin a cikin gidajen nan goma babu wanda ya wuce buhu 15 sai waɗancan biyu masu 99. To amma su wane ne masu 99 ɗin nan? Ba manyan manoma ba ne. Ɗalibar ta gaya wa masu taya ta tambaya cewa idan mai gida ya ce bai sani ba, a rubuta 99. Ita ta san haka, su ma sun sani. Kwamfuta ba ta sani ba, a wurinta 99 buhu casa'in da tara ne.

Mu ce ɗalibin ya farga. Ya ce ai waɗannan ba amsa ba ce, sai ya goge su ya sa sifili a gurbinsu. Yanzu jimla ta koma 63, ya raba goma, ya sami 6.3. Ya sake kuskure, sai dai wannan karon ta ɗaya ɓangaren, domin ya mayar da mutum biyu da suka ce ba su sani ba tamkar ba su girbi komai ba. Abin da ya dace shi ne ya cire su daga lissafin gaba ɗaya, ya raba 63 gida takwas, ya sami kusan 7.9.

Saura gida na 007, mai sifili. Wannan shi ne ya fi ba ni sha'awa. Sifilin nan yana iya nufin mutumin ya shuka gero, ambaliya ko tsutsa ta cinye, bai sami ko zangarniya ɗaya ba. Idan haka ne, sifili ne na gaskiya, dole a lissafa da shi, amsa tana nan 7.9. Yana kuma iya nufin bai shuka gero ba sam, dawa da wake ya yi a shekarar, mai tambaya ya ga bai kamata ya bar gurbi fayau ba sai ya danna sifili. Idan haka ne, ba ya cikin manoman gero, sai a raba 63 gida bakwai, amsa ta zama 9. Wani zai ce a duba `q8`, ai an rubuta masa 2, ga alama faɗin gona ne, ashe ya shuka. Amma faɗin gonar gero ne, ko na duk gonakin gidan? Babu inda aka rubuta.

Ku lura da abin da ya faru. Teburi ɗaya, lambobi goma, ba a canza wa kowa amsarsa da niyyar ha'inci ba, amma an sami 26.1 da 6.3 da 7.9 da 9. Ƙwarewa a lissafi ba za ta zaɓa muku ta gaskiya a cikinsu ba, domin abin da ya ɓace ba ya cikin teburin. Yana cikin kan matar da ta tattara, ita kuma tana can wani gari da goyo a bayanta, wataƙila ma ta manta.

Saboda haka a ƙamus, ni abin da nake fara dubawa shi ne yadda aka fassara rashin amsa. Rashin amsa iri-iri ne, kuma bai kamata a zuba su a kwando ɗaya ba. Akwai wanda ba a yi wa tambayar ba don ba ta shafe shi ba. Akwai wanda aka tambaya ya ce bai sani ba. Akwai wanda ya sani sarai amma ya ƙi faɗa, kuma kun san manomi da maganar abin da ke rumbunsa, musamman in yana zargin haraji ne ko rabon tallafi ya kawo ku. Akwai kuma inda mai tambaya ne ya tsallake bisa kuskure. Manyan bincike sun daɗe da raba waɗannan. A binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa a Nijeriya duk bayan 'yan shekaru, ƙa'idar da aka saba ita ce 98 na nufin ban sani ba, 99 na nufin amsar ta ɓace, gurbin da aka bari fayau kuma na nufin tambayar ba ta shafi mutumin ba. Suna da littafi guda da ya bayyana haka. Ɗalibanmu sukan ari 99 ɗin, su bar littafin.

Ni shawarata ga ƙaramin bincike ita ce a guji 99 a duk inda 99 zai iya zama amsa ta gaskiya. Babban manomi yana iya samun dami 99. Tsoho yana iya cewa shekarunsa 99. A yi amfani da lambar da ba za ta taɓa yiwuwa ba, kamar `-7` ga wanda ya ƙi faɗa, `-8` ga wanda bai sani ba, `-9` ga wanda aka tsallake. Babu mai girbin da ya gaza sifili, don haka da zarar an nemi mafi ƙanƙantar amsa a layin, lambar za ta tona kanta. Idan kuwa kun gaji fayil mai 99, to hanyar gano shi ita ce ku jera amsoshin daga ƙarami zuwa babba kafin kowane lissafi. In kuka ga amsoshi sun taru tsakanin 0 da 30, sannan babu kowa, sai ga cincirindo a kan 99 daidai, kun san ba gero ba ne. Masu aiki da Stata umarni ɗaya ya ishe su su mayar da shi rashin amsa, muddin sun tabbatar da ma'anarsa:

```
mvdecode q7a, mv(99)
```

Yanzu mu zo kan ma'auni, inda nake ganin mu a ƙasar Hausa muka fi kowa buƙatar ƙamus. Ku sake duban teburin. Gida na 002 ya ce 12, gida na 011 shi ma ya ce 12. Amma a `q7b` na farkon yana da 1, na biyun yana da 3. A takardar ɗalibar, 1 buhu ne, 2 tiya ce, 3 dami ne. A nan ta yi abin yabo, domin ta bar kowa ya amsa da ma'aunin da ya saba, ba ta tilasta wa dattijo ya ƙirƙiro kilo ba. Manomin gero da dami yake lissafi, da shi yake cika rumbu, da shi ma da yawa suke fitar da zakka. In ka ce masa kilo nawa, zai ba ka amsa don kunya, ba don ya sani ba. Inda ta gaza shi ne ba ta rubuta fassarar lambobin ba, kuma ba ta rubuta nauyin kowane ma'auni ba.

Tiya ba sunan wani tsayayyen nauyi ba ne. Kwano ne, yana auna cika. Tiyar gero da ta gyaɗa mai ɓawo nauyinsu ya sha bamban, tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, ga kuma bambancin awo mai tozo da shafaffe, ga kwanon da aka bubbuga gindinsa. Buhu ma haka. A bakin 'yan kasuwar hatsi buhu tiya arba'in ne, amma akwai mai ɗinkin baki da ake cusa wa fiye da haka, akwai kuma tsohon buhun taki mai kilo 50 da manomi yake zuba hatsi a ciki, shi ma buhu yake kiransa. Dami kuwa ya fi su duka rikici, domin ya danganta da hannun mai ɗauri da al'adar garin da kuma yadda zangarniya ta yi ido a shekarar. Wannan ne ya sa a babban binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take yi tare da Bankin Duniya tun 2010, ake haɗawa da wani fayil na daban mai nuna nauyin mudu da tiya da sauran ma'aunan gargajiya, amfanin gona daban-daban, yanki daban-daban. Ba a ofis suka zauna suka yanke ba, sikeli aka ɗauka aka shiga kasuwanni.

Ɗaliba mai gidaje 120 ita ma za ta iya yin ƙaramin irin wannan da ɗan sikelin rataye a yini ɗaya. Mu ce ta auna tiya goma a kasuwar yankin ta sami matsakaicin kilo 2.5, buhu mai tiya arba'in ya zama kilo 100. Ta sayi dami goma ta sa aka sussuke, kowane ya ba da kimanin tiya shida, wato kilo 15. To kun ga 12 ɗin gida na 002 kilo 1,200 ne, 12 ɗin gida na 011 kuwa kilo 180. Ɗaya ya ninka ɗaya fiye da sau shida, amma a `q7a` tagwaye ne. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta bar amsar manomi yadda ya faɗe ta, ta bar ma'auninsa, sannan ta ƙara layi na uku na kilo wanda ita ta lissafa, ta kuma bayyana a ƙamus cewa lissafaffe ne. Kada a taɓa goge amsar asali a maye gurbinta da kilo. Gobe wani zai iya zuwa da awon dami da ya fi nata inganci, kuma in amsar asali tana nan, cikin minti biyar zai gyara komai.

Ga yadda nake so in ga bayanin waɗannan layuka a ƙamus. Na kuma canza musu suna, don `q7a` ba ya gaya wa kowa komai:

```
suna:     gero_adadi
tambaya:  Gero nawa gidan nan ya girba a daminar 2023?
ma'auni:  duba gero_mauni
iyaka:    0 zuwa 300
0 = an shuka, ba a samu ba
-7 = ya ƙi faɗa; -8 = bai sani ba; -9 = an tsallake
fayau = bai shuka gero ba (gero_shuka = 0)

suna:     gero_mauni
1 = buhu (tiya 40); 2 = tiya; 3 = dami

suna:     gero_kg
lissafi:  gero_adadi x 100, 2.5 ko 15, bisa gero_mauni; ban da -7, -8 da -9
```

Ku lura na sa tambayar kanta, kalma bayan kalma, da harshen da aka yi ta. Wannan ba ado ba ne. Yawancin takardun tambayoyinmu da Turanci ake rubuta su, sai a bar kowane mai tambaya ya fassara da bakinsa a ƙofar gida. Wani ya ce nawa ka samu, wani ya ce nawa kuka samu, wani ya ce nawa ya shiga rumbu. Na farko zai sa mai gida ya faɗi na gandu kawai, ya bar gayaunar matansa da ta samarin gidan. Na uku zai sa ya cire abin da ya biya 'yan ƙwadago da wanda ya fitar zakka tun a gona. Wanda zai karanta bayananku yana da haƙƙin sanin wace tambaya aka amsa.

Faɗin gona ma ga shi nan. Gida na 002 yana da 3 a `q8`. In eka ce, eka ɗaya kusan hekta 0.405 ce, gonar ta zama hekta 1.2 da ɗoriya, kilo 1,200 ɗinsa ya ba da kusan kilo 990 a hekta. In aka ɗauka hekta uku ce, sai a ce kilo 400 ya samu a hekta. Mutum ɗaya, an mai da shi gwani ko rago, gwargwadon abin da mai lissafi ya zata. Sannan a faɗa ko auna gonar aka yi da na'ura ko kuwa mai ita ne ya kimanta, domin an sha gwadawa an ga masu ƙananan gonaki sukan kimanta su fiye da yadda suke.

Bari in ɗan ratse zuwa kuɗi, don 'yan'uwanmu da ke bincike a bakin iyaka, tsakanin Jibiya da Maraɗi. In dattijuwa a wannan gefen ta ce ta sayar jaka biyar, naira dubu ɗaya take nufi, don jaka a tsohon lissafinmu naira ɗari biyu ce. In ta wancan gefen ta ce jika biyar, sefa dubu biyar take nufi. In ta ce dala ashirin, sefa ɗari ce, ba kuɗin Amurka ba. Mai tambayar da ya rubuta 5 ko 20 ya wuce, ya bar wa na baya aiki. Ko naira zalla ce, sai an faɗi watan da aka yi tambayar, domin farashin tiya a kaka daban yake da na tsakiyar damina, kuma duk wanda ya yi cefane kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da bayansa ya san naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Lambobin e da a'a ba za su ɗauke mu lokaci ba. Wasu suna sa 1 da 0, wasu 1 da 2. Kowanne ya yi, in an rubuta. Na fi son 1 da 0, don matsakaicinsu kai tsaye yake ba da kason waɗanda suka ce e. Abin tsoro shi ne a canza tsari a tsakiyar aiki, a yi ƙauyen farko da 1 da 2, a gyara fom, a yi sauran da 1 da 0, sannan a haɗe. In kuka ga 0 da 1 da 2 a tambayar da amsarta biyu ce, ku nemi ranar da aka canza fom.

Wani zai ɗaga hannu ya ce, Malam, ni da KoboToolbox na yi aikina, ko kuma a SPSS na sa wa kowace lamba fassararta, me zan yi da wani ƙamus? Gaskiya ne ka rage wa kanka rabin aiki. Fom ɗin da ka gina yana ɗauke da tambayoyi da zaɓuɓɓukan amsa da ƙa'idar tsallake, don haka ka ajiye kwafinsa a jaka ɗaya da bayanan, daga shi ma za ka fara gina ƙamus. Amma fassarar da ke cikin SPSS ko Stata a cikin fayil ɗin manhajar take zaune. Ranar da aka fitar da shi zuwa `.csv` don a aika wa wanda ba shi da manhajar, ko dai lambobin su tafi su bar fassarar, ko fassarar ta tafi ta bar lambobin. Kuma babu manhajar da ta san ka auna dami goma, ko ka ce wa yaranka su rubuta 99.

To me ya rage wa `README.txt`? Ƙamus yana magana a kan layukan tsaye ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa wannan tana magana a kan aikin dungurungum, irin bayanin da za ka yi wa baƙo a zaure kafin ka shigar da shi cikin gida. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, a rubutu tsagwaro wanda kowace kwamfuta za ta buɗe ko bayan shekara ashirin. A faɗi wanda ya yi aikin da dalilinsa, da wurin, da ranar farawa da gamawa. A faɗi yadda aka zaɓi gidajen, da gaskiya. In daga jerin sunayen da mai unguwa ya bayar aka yi ƙuri'a, a faɗa. In kuwa duk wanda aka tarar a gindin bishiya aka tambaya, shi ma a faɗa, ba abin kunya ba ne, amma mai karatu zai san ba zai ce sakamakon ya wakilci ƙaramar hukuma ba. A jera fayilolin da ke jakar, a nuna wanne ne ɗanye wanda ba a taɓa ba, wanne ne gyararre, don a huta da sunaye irin `final2_new_corrected.xlsx`.

Akwai jimla ɗaya da nake nema a kowace irin wannan takarda, kuma sau da yawa ba na samu: layin kwance ɗaya, mene ne shi? Gida ne, mutum ne, ko gona? In gona ce, gida mai gonaki huɗu zai fito sau huɗu, wanda bai sani ba kuma zai ƙirga iyalansa sau huɗu. In gida ne, mene ne gida? Mu nan mun san gida guda mai ƙofa ɗaya yana iya ƙunsar sassa biyar, uba da 'ya'yansa masu aure, wasu suna gandu tare, wasu sun ware tukunya. Yawancin bincike suna ɗaukar masu ci daga tukunya ɗaya a matsayin gida. In haka kuka yi, ku rubuta. In mai ƙofa kuka ɗauka, ku rubuta, don wanda ya ga gida mai mutum 34 kada ya zata kuskuren dannawa ne ya goge.

Sai tarihin gyara, wanda shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi ƙi, wai kada a ga laifinsu. Layi uku ko huɗu ne fa:

```
2024-02-10  gida 045 ya fito sau biyu; an cire na biyu
2024-02-12  gida 078: gero_adadi 400 -> 40 (an kira mai tambaya)
2024-02-15  99 -> -8 a gero_adadi (gidaje 9)
```

Da wannan, in malami ya ce an ce gidaje 121 a waya amma ga 120 a teburi, amsa tana nan a rubuce. Kun kuma ga yadda na rubuta kwanan wata, shekara, wata, rana. Dalili shi ne `03/04/2024` a wurinmu uku ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa huɗu ga Maris ne, kuma Excel ba ya neman izini kafin ya zaɓa. Haka yake cinye sifilin farko, `007` ya koma `7`, lambar gida ta daina haɗuwa da ta ɗaya fayil ɗin, sai a rubuta a ƙamus cewa wannan layi rubutu ne, ba adadi ba. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma sukan rikiɗe su zama tarkace in ba a adana fayil da tsarin `UTF-8` ba. A faɗi tsarin a takardar, sunayen layuka kuma a rubuta su ba lanƙwasa, ba tazara, kamar `kauye`. Sunan wuri kaɗai ma bai isa ba. Akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a Kano, akwai wata a jihar Nasarawa, ƙauyuka masu suna Sabon Gari ko Tudun Wada kuwa sai wanda ya gaji da ƙirga.

Abu ɗaya ne ban yarda ya shiga waɗannan takardu ba, shi ne abin da zai nuna wane ne ya ba da wace amsa. Sunaye da lambobin waya da wurin da na'ura ta nuna gidan yake, a cire su a ajiye a wani fayil na daban mai kulle, takardar ta ce an cire, ta faɗi irin izinin da mutanen suka bayar da wanda ya halatta ya yi amfani da bayanan. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko ba doka, mutumin da ya gaya maka bashin da ke kansa amana ya ba ka. Ku kuma kula, a ƙaramin ƙauye cire suna ba ya wadatarwa. In ƙamus ya fassara lambar ƙauye da sunansa, teburi kuma ya nuna mai shekara 70, mai mata huɗu, sana'a limanci, to kowa ya san Liman ne. A irin wannan hali sai a bar ƙauyukan da lamba kawai, shekaru kuma a dunƙule su goma-goma.

Yaushe ake rubuta duk wannan? Ƙamus tun ranar da ake tsara tambayoyi, kafin a hau babur. Sau da yawa a wajen cika gurbin ma'auni ne za ka gane ba ka yanke shawarar eka ko hekta ba, ka gyara tun ba a tambayi kowa ba. Ita kuma `README.txt` ana ƙara mata layi duk yammacin da aka dawo daga ƙauye, tun ana tuna cewa yau ruwa ya hana mu isa unguwar gabas, mun musanya da ta yamma.

Ni yanzu kafin in sa hannu a kan babi na huɗu na kowane ɗalibina, sai ya miƙa jakar bayanansa ga wani abokin karatunsa da bai san aikin ba. Sharaɗin shi ne ba kira, ba saƙo, ba haɗuwa a masallaci a yi raɗa. Abokin zai fitar da adadi uku kawai: yawan gidaje, matsakaicin abin da aka girba da kilo, da kason waɗanda ba su amsa ba. In nasa ya yi daidai da na kundin, na sa hannu. In ya saɓa, sai su zauna tare, duk tambayar da abokin ya yi da baki a rubuta amsarta a takardar, sannan a nemo mutum na uku a sake gwadawa. Ba kasafai ake wucewa a zagayen farko ba, kuma tambayar da ta fi yawan tare su ita ce ta gida na 007, wato ko sifilin nan na wanda ya shuka ne ko na wanda bai shuka ba.

Shugaban zama, na ga kana duban agogo. A nan zan dakata, masu tambaya bismillah.